Mutuwa a Tsakiyar Raha: Darasi daga Wani Tela na New Bell

Akwai wata matsala da takan tsayar da ɗalibin da ya fara gwada hannunsa a ƙagaggen labari. Ya ɗauko labari mai ban dariya, ya gina taurarinsa, masu karatu sun saba da su, sai ya iske jigon ba zai warware ba sai wani daga cikinsu ya mutu. A nan ne alƙalami kan yi rawa. Wani ya janye mutuwar, ya ce ashe suma ce ko mafarki. Wani ya bar ta ta auku, amma daga wannan shafi labarin ya rikiɗe ya koma wa'azi da hawaye har ƙarshe. Wani kuma ya mai da gawar abin wasa, mai karatu ya ji ƙyamar littafin ya ajiye. Ra'ayin wannan maƙala shi ne duk ukun kuskure ne, kuma hanyar kuɓuta tana nan a cikin al'adar Bahaushe tun kafin a fara buga littafi. Mutuwar ta auku da cikakken nauyinta, muryar mai ba da labari kada ta sauya, dariya kuma ta dawo ta bakin wanda al'ada ta ba shi izinin dawo da ita.

Domin a ga yadda hakan ke aiki, ya kyautu a ɗora maganar a kan wuri guda da labari guda. Wurin shi ne New Bell, a birnin Duwala na ƙasar Kamaru.

Asalin unguwar kansa na baƙin ciki ne. Jamusawa ne suka tsara ta lokacin da suka ƙudura ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wuri su tura su can baya, nesa da mazaunin Turawa. Sarkin da ya jagoranci ƙin wannan ƙwace, Rudolf Duala Manga Bell, rataye shi aka yi ranar 8 ga Agusta, 1914. A zamanin Faransawa unguwar ta zama masaukin baƙi: Hausawa, Fulani, Bamileke, Basa da sauran waɗanda neman abinci ya kawo bakin teku. Nan babban kurkukun birnin yake, nan kuma babbar kasuwa take. Ruwan sama kan yi kwanaki yana zuba a watannin Yuli da Agusta, lunguna su cika. Duk da haka, wanda ya zauna a rumfar mai tsire ko teburin mai shayi a sashen Hausawa zai ji zolaya tana yawo cikin Hausa da Fulatanci da Faransanci da Turancin kasuwa. Wuri irin wannan bai yarda da labarin da ba a mutuwa a cikinsa, bai kuma yarda da labarin da ba a dariya.

Labarin da za a gwada

A ɗauka ɗalibi ya tsara labari mai babi goma sha biyu. Tauraronsa wani tsohon tela ne Bakano, wanda unguwa ke kira Malam Bayan-Salla. Ya sauka a Duwala yana saurayi da niyyar yin wata uku, ga shi ya shekara arba'in. Laƙabin ya samo asali ne daga amsarsa guda ɗaya ga kowace tambaya. Yaushe za a karɓi ɗinki? Bayan salla. Yaushe za a gyara kwanon ɗakin da ke yoyo? Ai ba amfani, shi baƙo ne, bayan salla zai koma Kano. Ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin ƙarfe ɗaure da igiya, wanda yake cewa kayan tafiyarsa ne, unguwa kuma ta gama yanke hukuncin cewa sefa ce maƙare a ciki. Amininsa, kuma abokin faɗansa na kullum, wani mai tsire ne Bazazzagi. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, don haka ba sa haɗuwa sai sun taɓa juna.

Jigon labarin shi ne zaman baƙunci da ya zama gida ba tare da mai shi ya yarda ba. Irin wannan jigo ba ya warwarewa sai telan ya mutu a New Bell. In ya koma Kano lafiya, labarin ya ƙaryata kansa. In ya ci gaba da rayuwa yana cewa bayan salla, to ba a yi labari ba, an jera barkwanci ne kawai. Wannan ita ce tambayar farko da ɗalibi zai yi wa kansa: in aka cire mutuwar, me zai rage? In labarin zai tsaya da ƙafarsa ba tare da ita ba, a cire ta, domin an shigo da ita ne don a matso hawaye. In kuwa zai rushe, to ta zama wajibi, sai a nemi yadda za a ɗauke ta.

Mutuwar ta fito daga cikin abin dariyar

Kuskuren da aka fi yi shi ne a aro mutuwa daga waje. Telan yana cikin zolayarsa, sai ga babur ya banke shi a bakin kasuwa. Irin wannan hatsari yana aukuwa a Duwala, amma a cikin labari ba shi da dangantaka da halin tauraron. Mai karatu zai ji kamar an yi masa fashi a hanya, kuma daga nan ba zai ƙara sakin jiki ya yi dariya ba, don yana jiran wani bugun.

Abin da ya fi shi ne ajalin ya tsiro daga ɗabi'ar da ake yi wa dariya. A babi na ɗaya an yi dariyar kwanukan da telan ke jerawa a ɗaki suna tarar yoyo, har yana gane ƙarfin ruwa daga ƙarar kowane kwano. A babi na uku ya kori mai gyaran rufi saboda baƙo ba ya kashe kuɗi a gidan haya. A babi na biyar ya fara tari, mai tsire ya ce ai tarin rowa ne, ƙirjin Bakano ne ke ƙin sakin numfashi kyauta. A babi na bakwai tarin ya hana shi ƙarasa zagin da ya faro wa amininsa, aka yi dariya, amma gajeriya. Duk waɗannan wurare na raha ne, sai dai kowanne ya ajiye tubali guda. Idan mutuwar ta zo, mai karatu zai waiwaya ya ga ashe tun shafin farko yake kallonta tana tahowa. Ba zai ji an yaudare shi ba. Zai ji ɗan nauyin cewa da shi aka yi dariyar, kuma wannan nauyi ne ke sa dariyar da za ta biyo baya ta yi zurfi.

Akwai sharaɗi guda a nan. Dariyar farko ta kasance a kan halin mutumin, kada ta taɓa mutuncinsa. Ana iya yi wa tela dariyar saɓa alkawari da maƙo, amma a nuna shi yana ɗinka wa marayun lungu kayan salla ba tare da ya faɗa wa kowa ba, ko da kuwa su ma sai bayan salla suke karɓa. Wanda aka wulaƙanta babi bakwai, mutuwarsa ba ta taɓa zuciya, kuma duk wasan da aka yi bayanta zai zama mugunta.

A ina za a ajiye ta

Marubuta sun gwada wurare dabam-dabam. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, kisan mahaifin tauraro ya zo ne can farko, cikin 'yan layuka, kafin mai karatu ya shaƙu da kowa. Saboda haka bai hana a more wasan kura da ake yi tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, amma ba ta da amfani ga labarin tela, don a can wanda ake so ne zai mutu.

Marubucin Kamaru Ferdinand Oyono ya bi wata hanyar a littafinsa na 1956, Le Vieux Nègre et la médaille, labarin wani tsoho mai suna Meka da Turawan mulki za su ba lambar girma. Tsohon ya rasa 'ya'yansa maza biyu a yaƙin Faransa, ya kuma ba 'yan mishan filinsa. Ranar bikin an tsai da shi cikin wani da'ira da aka zana a ƙasa, rana na dukansa, takalmi na matsa masa, fitsari ya matse shi, yana ta dauriya don kada ya zub da girma. Mai karatu na tsakiyar dariya sai matarsa Kelara ta ji wani a cikin taro yana auna abin da tsohon ya rasa da guntun ƙarfen da aka ba shi. Ta ɓarke da kuka. Oyono bai dakatar da bikin ba, bai kuma sauya muryarsa ba. Meka na nan tsaye cikin da'irarsa. Darasin da ke nan babba ne: baƙin ciki ya shigo ta bakin wani ɗan kallo, cikin magana guda, abin dariyar kuma ya ci gaba a gefensa. Sai dai ko a nan mutuwar ta riga ta auku kafin labari ya buɗe.

Ga wanda mutuwar za ta auku a gabansa, wurin da ya fi dacewa shi ne bayan an ci kusan kashi biyu cikin uku na labarin, wato babi na takwas a cikin goma sha biyu. In ta zo a tsakiya daidai, rabin littafi zai koma zaman makoki. In ta zo a babin ƙarshe, ita ce ɗanɗanon da zai saura a bakin mai karatu, komai yawan rahar da ta gabata, sai littafin ya tashi daga na ban dariya ya koma na ban tausayi. Babi huɗu da suka rage su ne filin da dariya za ta sake miƙewa a hankali.

Muryar mai ba da labari

Nan ne mafi yawan rubuce-rubuce ke karyewa. Mai ba da labarin da ya yi babi bakwai yana magana a taƙaice, da ido mai lura da ƙananan abubuwa, sai ya tashi a babi na takwas da wata murya daban. Ga irin abin da ake nufi:

"Wayyo duniya, gidan ƙarya! A wannan baƙin dare mai cike da tashin hankali, hasken unguwa ya dushe, zukata suka tsattsage, hawaye suka kwaranya kamar ruwan Wuri."

Babu tela a cikin wannan magana, babu New Bell. Za a iya ɗora ta a kan mutuwar kowa. Mai karatu zai ji cewa wanda ya saba da shi ya fita, an shigo da baƙo. A gwada da wannan:

"Ruwa ya kwana yana zuba. Da asuba mai tsire ya biyo ya buga ƙofa kamar kullum, ya ce Bakano ya tashi kada a ci shi tarar salla. Bai ji amsa ba. Da ya tura ƙofar, kwanuka bakwai ɗin duk sun cika sun tumbatsa, ba wanda ya zubar da su."

Muryar ita ce ta babi na ɗaya. Kwanukan da aka yi wa dariya su ne suka ba da sanarwa. Ba a yi barkwanci ba, ba a kuma yi kuka a madadin mai karatu ba. Abin da ya sauya kaɗai shi ne an janye zolayar, an bar idon da ke lura. Riƙe sautin raha a wannan wuri ba ya nufin a saka abin dariya a kan gawa. Yana nufin a riƙe mai maganar da aka saba da shi, ya yi shiru inda ya kamata.

Al'adar jana'izar Musulmi ma tana taimakon marubuci. A Duwala maƙwabta da yawa kan ajiye mamaci makonni kafin a kai shi ƙauyensu. Bahaushe kuwa wanda ya cika da dare, da hantsi an kai shi makwancinsa. Don haka babin mutuwar kan zo gajere da kansa: wanka, sutura, salla, maƙabarta. Wannan gaggawa ce kuma ke rufe jigon, domin babu zancen kai shi Kano. Ƙasar da ya ƙi kira gida ita ce ta karɓe shi. Mai ba da labari bai buƙatar ya faɗi haka, jerin abubuwan sun isa.

Wa ke da izinin dariyar farko

Tambaya mafi wuya ita ce yadda raha za ta dawo. In mai ba da labari ne ya fara, zai zama marar ta-ido. In wani bare ne, zai zama marar tarbiyya. Al'adar Hausa ta riga ta ware masu wannan aiki. Jikoki kan yi wasa a rasuwar kakan da ya tsufa, su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, manya su yi murmushi cikin hawaye ba wanda ya tsawata musu. Haka ma taubashi da abokin wasa na gari ko na ƙabila suna da bakin da wasu ba su da shi. Zolayarsu shaida ce ta kusanci, shi ya sa ba a jin ta a matsayin raini.

A labarin tela, mai tsire ne ke riƙe da wannan izini, amma kada ya yi amfani da shi da wuri. A babi na tara, kwana ukun zaman gaisuwa, a nuna shi ya yi shiru, bai ko hura wutar tukubarsa ba. Shirun mutumin da bai taɓa rufe baki ba ya fi kowane kuka nauyi, kuma shi ne kuɗin da yake biya kafin a yarda ya yi wasa. Raha a wannan babi ta tsaya a gefe, kan masu rai: masu zuwa gaisuwa da ke satar kallon ƙarƙashin gado, da mai gidan haya da ya tuna ba zato cewa shi da marigayi kamar 'yan'uwa suke. Ana dariyar kwaɗayin mutane, marigayin kuwa ba a taɓa shi ba.

Akwatin kuma yana da tarihi biyu. An buɗe shi sau ɗaya da safiyar rasuwar, a gaban liman da mai tsire kaɗai, lokacin da ake neman abin sutura, mai ba da labari bai faɗi abin da aka gani ba. Sai ranar sadakar bakwai, a babi na goma, da surutun dukiya ya yi yawa, liman ya sa aka fito da shi gaban jama'a. Babu sefa ko ɗaya. Liman ya bayyana cewa abin da aka tarar a ciki likkafani ne, wanda telan ya yanka ya haɗa da hannunsa tun shekaru, an ninke shi tsaf, da shi aka rufe shi. Abin da ya saura a akwatin wani tsohon littafin bashi ne. Wuri ya yi tsit. Can sai mai tsire ya share fuska ya ce, shekara arba'in yana kai wa mutumin nan ɗinki, yau ne ya ga aikin da ya gama kafin ranar karɓa. Aka buɗe littafin, sunansa ne a shafin farko, sefa ɗari biyar kuɗin facin wando. Ya ce a rubuta masa, zai biya bayan salla.

A lura da abin da ya faru. Maganar ta ba da dariya, ta kuma tabbatar da cewa tsohon ya daɗe da sanin inda tafiyarsa ta nufa. Kalmar da aka yi ta wasa da ita tun farko ta dawo, amma yanzu a bakin wanda aka bari, kuma ta ɗauki ma'ana ta biyu. Daga nan babi biyu na ƙarshe za su iya komawa cikakkiyar raha, rigimar wanda zai gaji keken ɗinki da tarin yadunan mutane da ba a taɓa ba, har zuwa sadakar arba'in.

Abin da masu ja za su ce

Wasu za su ce mutuwa wa'azi ce, bai dace a raɓa ta da wasa ba. Maganarsu tana da tushe, kuma ita ce ta sa aka shata iyaka a sama: ba a wasa da gawa, ba a wasa da wanka ko salla ko kabari. Amma wanda ya zauna zaman makoki na tsoho ya san ba a cika kwana uku ba tare da wani ya tuno wata ɗabi'ar marigayin an murmusa ba, a bi da addu'ar Allah ya jiƙansa. Labarin da ya hana wannan ya fi al'ummarsa tsanani, kuma bai faɗi gaskiya game da ita ba.

Akwai kuma iyaka ta gaske da ya kamata a amince da ita. Wannan dabara tana aiki ne ga mutuwar tsoho da ya ci zamaninsa. In yaro ne ya faɗa kwata lokacin ambaliya, ko matashiya ta rasu wajen haihuwa, ko wani ya mutu a tsare, al'ada ba ta ba kowa izinin wasa ba, babu jika babu taubashi. Marubucin da jigonsa ya buƙaci irin wannan rashi sai ya yarda cewa dariyar da za ta biyo baya mai ɗaci ce, ta zambo ga waɗanda suka jawo abin, kuma littafinsa ya sauya iri. Ƙoƙarin komawa raha mai daɗi bayan irin wannan mutuwa shi ne ke sa mai karatu ya daina amincewa da marubuci.

Ɗalibin da ya gama rubutunsa yana iya auna shi da gwaji mai sauƙi. Ya karanta babi na ɗaya da babin mutuwar a jere, da babbar murya, a gaban wanda bai san labarin ba, ya tambaye shi ko mutum ɗaya ne ke magana a duka biyun. Sa'an nan ya nemo abin dariya na farko bayan jana'iza, ya duba bakin wa ya fito, da kuma abin da mai maganar ya rasa. In wanda ya yi wasan shi ne wanda ya fi kowa rashi, labarin ya tsira da raharsa.